Saka imel na wurin aiki ko makaranta a waya: abin da guraben nan uku suke nema

Duk wanda ya taɓa saka asusun Gmail a waya ya san abin ba ya ɗaukar lokaci. Adireshi, kalmar sirri, shi ke nan. Sai ranar da aka ba mutum imel na wurin aiki ko na makaranta, mai ɗauke da sunan ma'aikatar a bayansa, ya saka shi kamar yadda ya saba, wayar ta yi ta juyawa, can ta buɗe masa wani shafi mai gurabe: `Server`, `Port`, `Security type`. Ya cika da ƙyar, ya danna gaba, sai ga wani shafin mai kama da na farko yana sake tambayar abubuwan nan. A nan mutane da yawa suke fara canke, su yi ta sauya lambobi ko Allah zai sa a dace.

Babu buƙatar canke. Guraben nan uku tambaya ɗaya suke yi ta fuska uku, kuma dole amsoshin su yarda da juna. Wanda ya gane yadda suke ɗaure da juna zai iya duban kuskuren da wayar ta nuna ya faɗi gurbin da matsalar take, ba tare da ya taɓa sauran ba.

Dalilin da ya sa Gmail da ire-irensa ba sa tambaya shi ne manhajar ta riga ta san sabobinsu, wato na'urorin da ke karɓa da aika imel ɗinsu a intanet. Idan adireshin na wata ma'aikata ce, wayar takan gwada nemo saitin da kanta, ta tambayi tsarin sunayen intanet ko ta gwada sunayen da aka saba amfani da su. In masu kula da imel ɗin ma'aikatar sun tanadi wannan bayani, komai zai tafi daidai ba ka sani ba. In ba su tanada ba, sai ta dawo da tambayar kanka. Saboda haka bayyanar shafin ba ta nuna ka yi kuskure ko asusun ya lalace.

Shafin kuma biyu ne domin aikin biyu ne. Karɓar saƙo daban, aika saƙo daban, kuma kowanne da ƙa'idar da yake bi. Saba mai karɓa, wadda wayar ke kira `Incoming server`, ita ce ke ajiye saƙonninka, kuma da IMAP ko POP3 ake magana da ita. Saba mai aikawa, `Outgoing server`, ita ce ke karɓar abin da ka rubuta ta miƙa shi ga duniya, kuma da SMTP ake magana da ita. Sau da yawa sunan sabobin biyu ɗaya ne, har ma na'ura ɗaya ce ke aikin, amma a wurin wayar haɗi biyu ne masu zaman kansu, kowanne da lambarsa da tsaronsa da shigarsa. Shi ya sa za ka ga saƙonni suna shigowa lafiya, amma wanda ka aika ya maƙale a `Outbox`. Rabin saitin daidai ne, ɗaya rabin ne ba daidai ba.

Tsakanin IMAP da POP3, shawarata ba ta da kwana-kwana: a waya, IMAP. Da IMAP saƙonni suna zaune a sabar, wayar tana nuna maka abin da ke can. Ka karanta a waya, ka buɗe kwamfuta za ka tarar an karanta. Ka mayar da saƙo wata jaka, ko'ina ya koma. POP3 an gina shi ne don mutum mai na'ura ɗaya, yana sauko da saƙonnin akwatin shigowa kawai, bai san sauran jakunkuna ba, kuma akwai saitin da ke sa ya goge saƙo daga sabar bayan ya sauke shi. Wanda ya bar wannan saiti a kunne, ranar da wayarsa ta ɓata saƙonnin aikinsa sun tafi tare da ita.

Mu koma ga guraben. Sunan saba shi ne adireshin na'urar a intanet. Lambar `Port` kuwa, ɗauki sabar a matsayin gida mai ƙofofi da yawa, kowace ƙofa da lambarta da irin baƙon da take karɓa: masu karɓar saƙo ta wannan, masu aikawa ta waccan. Nau'in tsaro shi ne yadda za a rufe maganar da ke tsakanin waya da saba don kada wanda ke kan hanya ya karanta kalmar sirrinka da saƙonninka.

Hanyoyin rufewar biyu ne, kuma bambancinsu shi ne zuciyar al'amarin. A ta farko, wadda wayoyi ke rubutawa `SSL/TLS`, ana rufe haɗin tun daga numfashin farko. Wayar ba ta furta komai a fili, da isarta sai ta fara yarjejeniyar ɓoye bayani, sannan a yi maganar imel a ciki. A ta biyu, `STARTTLS`, ana fara magana a fili. Sabar ta yi gaisuwa, wayar ta tambaye ta abin da take iyawa, sabar ta ce tana iya rufewa, sai wayar ta ba da umarnin a rufe, daga nan ne za a aika kalmar sirri. Ƙarshensu ɗaya ne, ɓoyewa iri ɗaya ce, amma farkonsu ya bambanta, kuma kowace ƙofa farko ɗaya ta sani. Ga yadda aka saba haɗa su:

```
IMAP   993   SSL/TLS
IMAP   143   STARTTLS
POP3   995   SSL/TLS
POP3   110   STARTTLS
SMTP   465   SSL/TLS
SMTP   587   STARTTLS
```

Yanzu duba abin da ke faruwa idan aka haɗa su ba daidai ba, domin alamarsa tana da amfani. A ce ka zaɓi `STARTTLS` amma ka rubuta 465. Wayar ta isa, ta tsaya tana jiran gaisuwar sabar kamar yadda tsarinta ya koya mata. Sabar kuma a wannan ƙofa ba ta gaisuwa a fili, tana jiran wayar ta fara yarjejeniyar rufewa. Kowa yana jiran kowa. Abin da kake gani a fuskar waya shi ne juyawa na tsawon lokaci, sannan a ce an kasa haɗawa. A ce kuma ka zaɓi `SSL/TLS` da 587. Wayar ta fara yarjejeniyar rufewa, sabar ta amsa da gaisuwa a fili, wayar ta ga abin da ba ta fahimta ba, nan take haɗin ya yanke. A duka biyun kalmar sirrinka ba ta ma bar wayar ba, don haka sake rubuta ta sau goma ba zai gyara komai ba.

Tsakanin 465 da 587 wanne ya fi? Akwai lokacin da aka ɗauki 465 a matsayin tsohuwar ƙofa da ya kamata a bari, shi ya sa tsofaffin bayanai ke cewa a guje ta. A 2018 ƙa'idar RFC 8314 ta dawo da ita a hukumance, ta kuma fifita rufewa tun daga farko. Dalilin shi ne, tun da `STARTTLS` a fili yake farawa, mai kutse da ke tsakiyar hanya zai iya share sanarwar da sabar ta yi cewa tana iya rufewa, kuma manhajar da ba ta dage kan rufewar ba sai ta ci gaba a fili. Manhajojin yanzu idan ka zaɓi `STARTTLS` sukan ƙi ci gaba in ba a rufe ba, don haka 587 ba ta da laifi. Idan ma'aikatarka ta ba da biyun, ni 465 nake zaɓa. Idan ɗaya ta ba da, ita za ka bi, domin ba kowace saba ke buɗe duka ba. Sabar aikawa ta Microsoft 365, alal misali, 587 ake ba masu amfani da ita.

Za ka ga 25 a wasu bayanai. Wannan ƙofa ce da sabobi ke miƙa wa junansu saƙo, kuma kamfanonin sadarwa da yawa suna toshe ta ga masu amfani na yau da kullum saboda masu watsa saƙonnin banza. Ko ta yi maka aiki a wata hanyar intanet, tana iya ƙi a wata. Zaɓin `None` a gurbin tsaro kuma ba zaɓi ba ne ga asusun aiki, domin kalmar sirrinka za ta bi hanya yadda mai sauraro zai iya karanta ta.

Kafin ka cika ko gurbi ɗaya, akwai tambayar da ta fi lambobin nan muhimmanci: wa ke riƙe da imel ɗin ma'aikatar? Adireshi yana iya ƙarewa da sunan makarantarka alhali Google ne ko Microsoft ke gudanar da shi a bayan fage. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce duba inda kake shiga a burauza. In shafin Gmail ne ke buɗewa, Google Workspace ne. In Outlook ne mai adireshin Microsoft, Microsoft 365 ne. Mai kwamfuta a kusa yana iya tambayar tsarin sunaye kai tsaye:

```
nslookup -type=mx example.edu
```

In amsar ta ƙare da `google.com`, Google ne. In ta ƙare da `mail.protection.outlook.com`, Microsoft ne. Wasu ma'aikatun suna sa matatar saƙonni a gaba, sai amsar ta nuna sunan matatar, a nan sai ka koma ga shafin shiga ko ka tambayi masu kula. Kada kuma ka ɗauki sunan da wannan umarni ya fitar ka zuba a gurbin `Server`. Wannan sunan na inda sauran sabobin duniya ke kai wa ma'aikatar saƙo ne, ba lallai ya zama inda wayarka za ta je ɗauka ba.

Abin da ya sa tambayar take da nauyi shi ne, idan ɗaya daga cikin kamfanonin nan biyu ne, cika gurabe da hannu yawanci ba zai yi aiki ba ko da kowace lamba daidai ce. Sunayen sanannu ne: `imap.gmail.com` da `smtp.gmail.com` a Google, `outlook.office365.com` da `smtp.office365.com` a Microsoft. Amma tun daga Oktoban 2022 Microsoft ya fara rufe shiga da kalmar sirri zalla ta IMAP da POP da ActiveSync, wata hanyar haɗa waya da saba da za mu gani a gaba, a imel ɗinsa na ma'aikatu, Google ma ya rufe irin wannan shiga ga asusun Workspace a 2025. Yanzu suna so manhajar ta buɗe maka shafinsu na shiga, ka saka kalmar sirri a can, ka wuce tantancewa ta biyu, su ba manhajar wata shaidar izini ta riƙe maimakon kalmar sirrin. Wannan tsari shi ake kira OAuth. Fom ɗin `Other` ba ya buɗe wannan shafi. Don haka mutum zai rubuta komai daidai, a ce masa kalmar sirri ba daidai ba ce, ya je burauza ya shiga da ita lafiya lau, kansa ya ɗaure. Maganin shi ne ya koma baya ya zaɓi `Google`, ko `Exchange and Office 365` a manhajar Gmail, ko `Microsoft Exchange` a iPhone. A Google akwai kuma kalmar sirri ta manhaja mai haruffa 16, wadda ake ƙirƙira bayan an kunna tantancewa mai mataki biyu, in mai kula da asusun ma'aikatar bai rufe damar ba.

Cikawa da hannu ta rage ga ma'aikatun da ke gudanar da sabarsu, ko suke haya a wurin kamfanin ɗaukar shafukan intanet. Bari mu bi misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. A ce an ba wata ɗaliba adireshi `dalibi24@example.edu`, kuma takardar da sashen kwamfuta na makarantar ya bayar ta ce sabar ita ce `mail.example.edu` a duka ɓangarorin, IMAP 993, SMTP 465.

A wayar Android, cikin manhajar Gmail, za ta taɓa hotonta a sama, ta zaɓi `Add another account`, sannan `Other`. Ta rubuta adireshin, ta danna `Manual setup`, ta zaɓi `Personal (IMAP)`. Kalmar `Personal` kada ta ruɗe ta, suna ne kawai, shi ake zaɓa ko asusun na aiki ne. A shafin karɓa manhajar kan cika gurbin saba da kanta, kuma sau da yawa abin da take sakawa shi ne `example.edu` kawai, ko wani suna da ta ƙaga. Dole a goge a rubuta na takardar. A wasu zubin manhajar, guraben `Port` da `Security type` ba sa bayyana sai gwajin farko ya faɗi, don haka rashin ganinsu da farko ba matsala ba ne. Ga abin da shafukan biyu ya kamata su ɗauka:

```
Incoming
Username: dalibi24@example.edu
Server: mail.example.edu
Port: 993
Security type: SSL/TLS

Outgoing
Require signin: ✓
Username: dalibi24@example.edu
SMTP server: mail.example.edu
Port: 465
Security type: SSL/TLS
```

Gurbin `Username` ya cancanci a tsaya a kansa. Sabobin haya suna ɗauke da imel na ma'aikatu masu yawa a na'ura ɗaya, don haka `dalibi24` kaɗai bai isa ya bambanta ta da wani mai irin sunan a wata ma'aikata ba, cikakken adireshi suke so. Wasu sabobin da ma'aikata ke gudanarwa da kanta kuma gajeren suna suke so, ko lambar ma'aikaci da ake shiga kwamfutar ofis da ita. Kuskure a nan yana fitowa da fuskar kuskuren kalmar sirri, domin saba ba ta faɗa maka wanne daga cikin biyun ne ba daidai ba. A fara da cikakken adireshi, in ya ƙi a gwada gajeren. A kuma lura da allon rubutun waya, wanda kan mayar da harafin farko babba ko ya ƙara sarari a ƙarshen kalma bayan ya cike maka ita. Sarari ɗaya a bayan sunan saba ya isa ya hana komai tafiya.

Ɗalibarmu ta danna gaba, sai wayar ta ce satifiket ɗin sabar ba abin amincewa ba ne. Wannan kuskure ne mai kyau a wata fuska, domin ya nuna sunan ya kai ta ga wata saba, ƙofar a buɗe take, nau'in tsaron ma ya dace. Abin da ya rage shi ne shaida. Kowace saba mai rufe haɗi tana gabatar da satifiket mai ɗauke da sunan ko sunayen da aka ba ta izinin amsawa, da ranar ƙarewarsa, da sa hannun hukumar da ta bayar. Wayar tana gwada sunan da ka rubuta da wanda ke jikin satifiket ɗin. Ɗalibar ta buɗe bayanin, ta ga an bayar da shi ne ga `server12.example.net`. Abin da ya faru a fili yake: makarantar haya take, `mail.example.edu` yana nuni ne ga na'urar kamfanin hayar, kuma ba a sama wa sunan makarantar satifiket nasa ba.

A daidai nan ne jerin zaɓin ke miƙo wata hanya mai sauƙi, `SSL/TLS (accept all certificates)`. Ina roƙon mai karatu kada ya bi ta. Ma'anarta ita ce wayar ta rufe magana da duk wanda ya amsa, ba tare da ta tantance ko wane ne ba. Yau sabar makarantar ce ta amsa. Gobe a wata hanyar Wi-Fi ta jama'a, in wani ya tsaya a tsakiya ya ce shi ne sabar, wayar za ta miƙa masa kalmar sirri ba tare da ta yi maka ko gyaran murya ba, kuma za ta riƙa yin haka duk lokacin da ta duba saƙo. Kalmar sirrin imel na makaranta ko aiki sau da yawa ita ce ta sauran shafukan ma'aikatar. Abin da ya dace shi ne ɗalibar ta tambayi sashen kwamfuta ko `server12.example.net` sabarsu ce. In sun tabbatar, ta rubuta wannan sunan a gurbin saba na shafukan biyu, ta bar sunan shiga yadda yake. Suna ya dace da satifiket, gargaɗin ya tafi. Tabbatarwar ba ƙari ba ce, domin ba a ɗaukar suna daga satifiket ɗin da ake shakka a kansa a amince da shi haka kawai.

Gargaɗin satifiket yana da wasu dalilai biyu da ake saurin ganewa. In asusun ya daɗe yana aiki sai kwatsam ya fara, mai yiwuwa satifiket ɗin ne ya ƙare ba a sabunta ba, kuma wannan gyaran masu kula ne, abokan aikinka ma za su ga irinsa. In kai kaɗai ne, duba kwanan watan wayarka. Agogon da ya koma baya ko ya yi gaba yana sa satifiket mai kyau ya zama kamar bai fara aiki ba ko ya ƙare.

Da a iPhone ɗalibar take, hanyar ita ce `Settings`, sai `Mail` (a sababbin zubi yana ƙarƙashin `Apps`), sai wurin asusu, `Add Account`, `Other`, `Add Mail Account`. A nan shafi ɗaya ne ke ɗauke da ɓangarorin biyu, kuma akwai tarko a cikinsa da ya kama mutane ba adadi. A ƙarƙashin `Outgoing Mail Server`, guraben `User Name` da `Password` an rubuta musu `Optional`. Mutum ya ga haka ya bar su fayau. Asusun ya shiga, saƙonni suka sauko, ya ɗauka an gama. Sai ya aika saƙo ya ƙi tafiya, wani lokaci da bayanin cewa sabar ba ta yarda da `relaying` ba, wato miƙa saƙon zuwa waje. Kusan babu sabar aikawa a yau da za ta karɓi saƙo zuwa waje daga wanda bai gabatar da kansa ba, domin in ta yi haka masu saƙonnin banza za su mayar da ita tasu. A cika guraben biyu da abin da aka saka a sama. Shi ne kuma aikin `Require signin` a Android.

iPhone ba ya tambayar lambar ƙofa a farko, yana gwadawa da kansa, shi ya sa `Verifying` kan ɗauki mintuna. Bayan an ajiye asusun, lambar karɓa tana cikin `Advanced`, ta aikawa kuma tana cikin `SMTP` ƙarƙashin `Primary Server`. Ba za ka ga `STARTTLS` a rubuce ba, maɓalli ɗaya ne, `Use SSL`. Ka bar shi a kunne ko 465 ka saka ko 587, wayar za ta bi hanyar da ta dace da ƙofar. In ta tambaye ka ko ta gwada kafa asusun ba tare da SSL ba, amsar a'a ce.

Idan an haɗa abin da ya gabata, kurakuran suna da tsari, domin wayar mataki-mataki take tafiya: ta nemo sabar da suna, ta ƙwanƙwasa ƙofar, ta rufe haɗin, ta duba satifiket, sannan ta miƙa suna da kalmar sirri. Inda ta tsaya shi ke nuna inda za ka duba. Saƙon da ya ce ba a sami saba ba, kuma ya zo da sauri, sunan ne aka rubuta ba daidai ba. Dogon jira kafin faɗuwa, ƙofa ce: ko lambar ba ta dace da tsaron ba, ko an toshe ta a hanyar da kake. Gwajin wannan mai sauƙi ne, kashe Wi-Fi ka kunna data, ko akasin haka. In ya yi a ɗaya ya ƙi a ɗaya, saitinka daidai ne, hanyar ce ke da shinge. Wasu ma'aikatun ma da gangan suke hana isa ga sabar daga waje sai ta VPN. Ƙin kalmar sirri kuwa albishir ne cewa matakai huɗun farko sun wuce, kada ka sake taɓa lambobi. A sabar aikawa wannan kan zo da lamba 535. Ka gwada shiga ta burauza: in ta ƙi a can ma, kalmar sirrin ce ko an kulle asusun. In ta yi a can, saura sunan shiga, ko batun OAuth, ko kuma mai kula ya kashe IMAP ga asusunka, abin da babu saitin waya da zai buɗe.

Ban da IMAP da POP3, akwai hanya ta uku da wasu ma'aikatu masu gudanar da Exchange, sabar imel ta Microsoft, da kansu ke bayarwa, wato ActiveSync. Ita saba ɗaya take nema, ta ƙofa 443 wadda shafukan intanet masu tsaro ke bi, kuma tana kawo imel da kalanda da lambobin mutane gaba ɗaya. Sunan shiga a nan kan zo da siffar `DOMAIN\username`, kuma sandar mai karkata baya ce, ba ta adireshin shafi ba. Abin da nake so kowa ya karanta da natsuwa shi ne shafin izinin da kan biyo baya. Ta wannan hanya ma'aikata tana iya tilasta maka sa makullin fuska, kuma tana iya ba da umarnin goge bayanai daga nesa. Ya danganta da manhajar da zubin sabar, gogewar tana iya tsayawa kan asusun aikin, tana kuma iya shafar wayar baki ɗaya. Ma'aikata tana da hujjarta, bayananta take karewa. Amma in wayar taka ce ta kanka, da hotunan iyalinka a ciki, haƙƙinka ne ka tambaya wace irin gogewa ce kafin ka danna amincewa.

Shigar asusu ba ita ce shaidar an gama ba. Ɗalibarmu za ta aika saƙo daga sabon asusun zuwa wani adireshinta na waje, ba zuwa kanta ko abokin karatu ba, domin wasu sabobin suna karɓar saƙon cikin gida ko ba a gabatar da kai ba, sai gwajin ya ruɗe ta. Ta amsa daga can ta ga ya shigo. Sannan ta buɗe imel ɗin a burauza ta duba jakar `Sent`. In saƙon yana waya amma ba ya can, wayar tana ajiye kwafin a cikinta ne ko a wata jakar da ta ƙirƙira. A iPhone ana gyara wannan a `Advanced`, ƙarƙashin `Mailbox Behaviors`, a nuna wa `Sent Mailbox` jakar da ke kan sabar. In kuma jakunkuna sun jeru duk a ƙarƙashin akwatin shigowa, rubuta `INBOX` a gurbin `IMAP Path Prefix` kan daidaita su a sabobin da ke da wannan tsari.

Saura ranar da makarantar za ta sa ta canza kalmar sirri. Wayar ba ta san an canza ba, za ta ci gaba da gwada tsohuwar duk bayan 'yan mintuna, kuma sabobi da yawa suna kulle asusu, ko su toshe adireshin intanet ɗin da gwajin ke fitowa, bayan an faɗi sau da yawa a jere. Sai ta ga sabuwar kalmar sirrin ma ta ƙi, har a burauza. Don haka da ta canza, ta shiga saitin wayar nan take ta sabunta a wuri biyu, na karɓa da na aikawa, ta kuma tuna da duk wata tsohuwar waya ko kwamfutar hannu da asusun ke ciki. In an riga an kulle, ta kashe intanet ɗin waɗannan na'urori tukuna, sannan ta nemi sashen kwamfuta su buɗe, ta faɗa musu ainihin rubutun kuskuren da lokacin da ya fara, domin da waɗannan biyun za su nemo shi a rajistar sabar.